Tsarin babin bitar nazarce-nazarce

"Ina digiri na biyu a fannin tabin hankali, kan ciwon damuwa bayan haihuwa. Yaya zan tsara babi na biyu?"

'Yar'uwa, fara da yadda kika nemo takardun: rumbunan takardun bincike irin su PubMed, PsycINFO da AJOL, ranar binciken, da kalmomin da kika saka, misali `"postpartum depression" AND Nigeria`. Sai ki faɗi nawa kika samu, nawa kika watsar, da dalili.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne jero "wane ya ce, wance ta ce". Ki haɗa nazarce-nazarcen bisa ma'aunin da suka yi amfani da shi. Wanda ya yanke EPDS, wato jerin tambayoyin auna ciwon damuwa bayan haihuwa, a maki 10 zai samu masu ciwon fiye da wanda ya yanke a 13, kuma EPDS tantancewa ce kawai, ba ta tabbatar da cuta. Daga wannan saɓanin giɓin bincikenki zai fito.