Wanda nake karɓar aiki a hannunsa ba ya cika rajista

Tambaya: "Ni ma'aikacin jinya ne. Wata uku ke nan wanda nake karɓar aiki a hannunsa yana tafiya bai rubuta magungunan da ya bayar ba. Na yi shiru don gudun rigima. Yaya zan yi?"

Shirun nan ya riga ya koya masa cewa babu matsala, kuma ranar da aka ba majiyyaci allura sau biyu saboda rajista ba ta nuna an yi ta farko ba, kai da ke bakin aiki za a fara tuhuma.

Ka same shi ku biyu kaɗai, ba a gaban majiyyata ba, ba kuma lokacin miƙa aiki da yake sauri ya tafi gida ba. Bayan gaisuwa, ka kawo misali ɗaya tak mai rana da lokaci: "Malam, ranar Talata ban ga an rubuta allurar ƙarfe 6 ta gado na 4 ba, sai da na kira ka kafin na taɓa majiyyacin." Ka guji cewa "kullum haka kake yi", domin zai koma kare mutuncinsa, maganar rajista ta ɓace. Sannan ka saurare shi, wataƙila shi kaɗai ake bari da ɗaki cike da majiyyata.

Ka nemi ku riƙa duba rajistar tare na minti biyar kafin ya tafi. Idan mako biyu suka wuce bai canza ba, ka sanar da shi cewa za ka kai maganar ga shugabar sashe, kada ya ji ta daga sama.