Injin niƙa ko janareto: wane ne "shi" a takardarka?

Wani mai karatu daga Kano ya rubuto: "Barista, na sayi injin niƙa da janareto a hannun wani Alhaji kan naira miliyan 2 da dubu 400. Ɗansa ne ya rubuta takardar ciniki, muka sa hannu gaban shaidu biyu. A ciki akwai layin da ya ce: 'Mai saye ya karɓi injin niƙa da janareto, kuma idan ya lalace cikin wata uku, mai sayarwa zai gyara shi.' Sati na bakwai janareton ya ƙone. Alhaji ya ce injin kaɗai yake nufi. Ina da hakki?"

Malam, kana da abin riƙewa, amma ba zan ce maka shari'ar a aljihunka take ba. Inji namiji ne a Hausa, janareto ma namiji ne, don haka "ya lalace" da "gyara shi" sun hau kan kowannensu daidai wa daida. Da mota da janareto ka saya, da "ta" ko "ya" sun raba gardamar tun a takarda.

Kotu ba ta fara tambayar abin da ke zuciyar mutum. Takardar take karantawa gaba ɗayanta, daga kanta har wurin sa hannu. Sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baka don canja abin da aka rubuta. Sai dai sashe na 129 ya buɗe ƙofa: idan lafazin ya dace da abu fiye da ɗaya, ana iya kawo shaida kan yadda aka yi cinikin domin a gane wanne ake nufi. Nan shaidunka biyu za su yi amfani, haka ma duk wani saƙon waya da kuka yi kafin biyan kuɗi.

Abu biyu na gefenka. Janareto ne sunan da ya fi kusa da "ya lalace", kuma mai karatu yakan mayar da wakilin suna ga abin da aka ambata a ƙarshe. Sannan ɓangaren Alhaji ne suka rubuta takardar, kuma ƙa'ida ce a shari'ar kwangila cewa idan an rasa yadda za a warware lafazi mai harshen damo, a kan fassara shi yadda bai yi wa wanda ya tsara shi daɗi ba. Shi kuma Alhaji zai ce injin ne ginshiƙin cinikin, janareton rakiya ya yi. Duba kan takardar: idan an rubuta "Yarjejeniyar sayar da injin niƙa" kawai, hujjarsa ta ƙara nauyi. Kuma kada ka tsaya kan cewa duka biyun ake nufi ba tare da shaida ba, domin zai tambaye ka me ya hana a rubuta "suka lalace".

Yau ɗin nan ka rubuta masa wasiƙa mai kwanan wata, ka faɗi ranar da janareton ya ƙone, ka nemi gyara, ka ajiye kwafi. Wata ukun na tafiya. Kada ka bari makanike ya buɗe janareton kafin Alhaji ya gani.

Daga nan ina ganin sulhu ya fi maka ƙara, don kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu na iya haura kuɗin gyaran. Ku zauna da shaidun. In ya ci tura, Babbar Kotun Kano tana da sashen sasanci. Ana iya roƙon kotu ta gyara lafazin takarda, amma sai ka tabbatar da hujja mai ƙarfi cewa ku biyun kun amince kan abu ɗaya, alƙalami ne ya kuskure.

Idan kun daidaita, kada a sake rubuta takardar daga farko, don sabon rubutu kan jawo sabuwar gardama. Kalma ɗaya ta isa. In duka biyun ne: "idan ɗayansu ya lalace". In injin ne kaɗai: "idan injin ya lalace". Da zarar an sa sunan a nan, "shi" na ƙarshen layin ya san mai shi, ba sai an taɓa shi ba. A saka kalmar a kwafinka da nasa, ku biyu ku sa hannu da kwanan wata a gefen gyaran, shaidu ma su sa. A ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa gyaran ya shafi lalacewar da ta riga ta faru, in ba haka ba Alhaji zai iya cewa daga ranar gyara ya fara aiki.

Kada ka kuskura ka ɗauki biro ka ƙara kalmar kai kaɗai a kwafinka. Wannan na iya rushe maka takardar, har ya kai ka ga tuhumar yin jabu.