Sanarwata ta cika ado amma ba a karantawa

Tambaya: Malam, ni ke rubuta sanarwa a shafin ƙungiyarmu na Facebook, amma ba mai kulawa. Ga ta jiya: "Muna farin cikin sanar da ɗaukacin mambobinmu masu daraja cewa, bisa wasu dalilai da suka sha ƙarfinmu, an ɗage ajin koyon ɗaukar hoto zuwa Lahadi 🔥🔥🙏📸 #viral #trending #sana'a". Ina gizo yake saƙar?

Amsa: Malama, labarin naki yana can ƙarshe, kuma a waya ba kowa ke kaiwa can ba. Facebook kan nuna layukan farko kaɗan, ya ɓoye sauran a bayan See more. Instagram ma haka yake yi, bayan haruffa kusan 125. Mai jan allo da babban yatsa ya ga gaisuwa, bai ga "Lahadi" ba, ya wuce abinsa.

Ki yi kamar wata ƙawarki ce ta kira ki a waya tana sauri. Me za ki fara ce mata? Shi ne layin farko. Ga yadda zan mayar da ita:

An ɗage ajin hoto zuwa Lahadi.
Lokaci da wuri ba su canza ba.
Ku zo da wayarku cike da caji 📸
Wanda ba zai samu zuwa ba, ya faɗa mana a ƙasa.

Kowane layi magana ɗaya yake ɗauke da ita. Na kuma ƙara abin da mutane za su tambaya, wato lokaci da wuri, na cire "dalilai da suka sha ƙarfinmu" domin bai gaya wa kowa komai ba. In akwai dalilin da ya dace a faɗa, faɗe shi kai tsaye. Sai dai kada a wuce gona da iri: masu tsinka jimla kalma biyu-biyu a kowane layi suna tsawaita rubutun ne, See more ya sake hadiye shi.

Hashtag kuwa alama ce ta tara rubuce-rubuce masu jigo ɗaya. #viral ba jigo ba ne, fata ne kawai, kuma mambobinki ba ta nan za su nemo ki ba. Na ukun ma a karye yake, saboda hashtag yana tsayawa da zarar ya ci karo da tazara ko alamar rubutu, don haka #sana'a zai zama #sana. Duba launinsa bayan kin wallafa, za ki ga inda ya tsaya. Ɗaya mai sunan ƙungiyarku ya wadatar, muddin kullum shi kike sawa.

Emoji ɗaya na bari, a ƙarshen layi. Makaho mai amfani da TalkBack ko VoiceOver, wayarsa na karanta masa sunayen emoji da murya, sai jerin nan naki ya zame masa surutu. Kuma wuta me ta zo yi a sanarwar ɗage aji? Kafin ki wallafa, karanta a bayyane. Duk inda bakinki ya ji baƙon abu, sake shi.