Muryar Yaya kan fitar da jimlar cuta da ta tiyata daga fayil

Tambaya: "Yaya, don Allah ki taimaka. An ba ni fayil ɗin wani da aka yi wa aikin afendis, takardar sallama layi ɗaya ce kawai: `?appendicitis, DM, HTN, appendicectomy done`. Sauran bayanin a warwatse yake cikin shafuka. Ta ina zan fara kafin in sa lambar ICD?"

Amsa (an rubuto daga murya):

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na buɗe hotunan shafukan da kika turo min, kuma madalla da kika rufe sunan mutumin da lambar katinsa. Zan amsa a nan cikin zaure don sauran sababbi su ji.

To, da farko dai ki ajiye littafin lambobin nan gefe, lokacinsa bai yi ba. Kuma kada ki fara karatu daga shafin farko. Shafin farko zato ne. Lokacin da aka rubuta shi mutum ya shigo yana riƙe da ciki, ba a yi hoto ba, ba a buɗe shi ba, shi ya sa likitan ya sa alamar tambaya. Wanda ya rubuta takardar sallama kuma kwafo wancan layin ya yi don sauri, har da alamar. A ƙa'idar ICD-10 ta Hukumar Lafiya ta Duniya, babbar cuta ita ce wadda aka gano a ƙarshen jinya cewa ita ta sa aka yi wa mutum magani ko bincike. A ƙarshe, kin ji. Don haka daga baya za ki karanto: rahoton tiyata, sakamakon naman da aka aika ɗakin gwaji idan ya dawo, rubutun zagayen likitoci na kwanakin bayan aiki, takardar magunguna, sannan ki iso farko.

Yanzu buɗe rahoton tiyatar. Likitan ya ce ya tarar da afendis ya kumbura ya fashe, akwai tarin mugunya a kewayensa, a gefen dama na ƙasan ciki, hanji da kitsen ciki sun killace wurin, sauran cikin kuma tsaf yake. Wannan sakin layi ɗaya shi ne ya raba gardama. A ICD-10 kumburin afendis mai zuwa farat ɗaya yana ƙarƙashin K35, kuma abin da ke raba 'ya'yansa shi ne halin da tantanin ciki yake. Idan kumburin tantanin ya game ciki duka, K35.2. Idan ya tsaya wuri ɗaya, ko mugunya ta taru ta zama ƙurji a kewaye, K35.3. Idan ba a ce komai ba, K35.8. Da a ce kin bi takardar sallama yadda take, K37 za ki faɗa, wato afendis da ba a bayyana irinsa ba, alhali mutumin nan an kwashe masa mugunya, ya yi kwanaki yana shan allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Duk mai duba alƙaluma daga baya zai ɗauka ƙaramin ciwo ne ya zaunar da shi a gado.

Saboda haka jimlarki ta farko ga yadda za ta kasance: "Kumburin afendis mai zuwa farat ɗaya, ya fashe, tare da ƙurjin mugunya da kumburin tantanin ciki a wuri ɗaya." Ki duba abin da ke cikinta: sunan cutar, sabuwa ce ko daɗaɗɗiya, da abin da ta haifar. A wasu cututtukan za ki ƙara gefe, dama ko hagu, da musabbabi. A ƙarshen jimlar ki rubuta shafin da kika samo ta da kwanan wata, don ranar da mai bincike zai ce nuna min.

Ciwon ciki, amai da zazzaɓin da ya zo da su, kada ki ba su jimla. Alamomin cutar ne, ta riga ta haɗiye su. Lambobin R, irin su R10 na ciwon ciki, ana sa su a gaba ne idan aka sallami mutum ba a gano komai ba. Af, maganar alamar tambaya kuma, tunda na san wani zai tambaya: idan har ranar sallama cutar tana nan a matsayin zato, ba a kore ta ba, ba a tabbatar ba, littafi na biyu na ICD-10 ya ce a sa mata lamba kamar ta tabbata. Tsarin Amurka, ICD-10-CM, ya yarda da haka ga wanda aka kwantar, amma ga wanda ya ga likita ya koma gida, alamomin ake sa wa lamba. Ki san wanne wurin aikinki yake bi. A naki fayil ɗin dai wuƙa ta riga ta cire shakka.

Yauwa, sai ciwon suga da hawan jini, wato DM da HTN ɗin da ke takardar sallama. Ba duk abin da aka ambata a tarihi yake shiga ba, sai wanda aka duba, ko aka ba wa magani, ko ya shafi jinyar nan. Takardar magunguna ta nuna ana auna masa suga ana yi masa insulin, ana kuma ba shi maganin hawan jini, to duka biyun sun shiga. Hawan jinin mai sauƙi ne, I10, muddin ba a ce ya taɓa zuciya ko ƙoda ba. Sugan ne da ɗan aiki. Haruffa biyun nan na DM ba su faɗi nau'i ba, kuma a bugun Hukumar Lafiya ta Duniya sugan da ba a faɗi nau'insa ba E14 yake tafiya. Insulin ɗin kada ya ruɗe ki ki ce nau'i na ɗaya ne, domin mai nau'i na biyu ma ana mayar da shi kan insulin lokacin tiyata. Na ga a shafi na uku likitan da ya karɓe shi ya rubuta nau'i na biyu, yana shan ƙwaya a gida. To kin samu: "Ciwon suga nau'i na biyu, ba a rubuta wata illa da ya haifar ba." E11.9 ke nan.

Yanzu ga wurin da nake so ki kasa kunne sosai. Washegarin aiki awon jininsa ya sauka daga 12 zuwa 7.6, aka ƙara masa leda biyu. Na bi rubutun likitoci layi-layi, babu inda aka ce ƙarancin jini. Ni da ke mun san abin da lambar nan take nufi, amma ba mu da hurumin mayar da sakamakon gwaji ya zama cuta. Idan kika rubuta da kanki, kin zama mai gano cuta, kuma ba aikinmu ba ne. Idan kuma kika yi shiru, fayil zai nuna an ƙara wa mutum jini babu dalili. Mafita ita ce ki rubuta wa likitan tambaya. Kuma kada ki sa masa magana a baki, irin "Likita, ai ƙarancin jini ne saboda zubar jini ko?" Mai gaggawa zai ce eh kawai ya wuce. Ki ce: "Ranar kaza awon jini ya sauka daga kaza zuwa kaza, an ƙara leda biyu. Wace cuta aka yi wa wannan magani, kuma mene ne musabbabinta?" Idan ya rubuta ƙarancin jini na farat ɗaya saboda zubar jini, D62. Idan ya ce ƙarancin jini kawai, D64.9, wadda ba ta faɗa wa kowa komai ba. Amsar kuma a cikin fayil za ta shiga, da sa hannunsa da kwanan wata. Abin da ya faɗa miki a tsaye a baranda ba hujja ba ne.

Haka nan kada ki kira wani abu matsalar da tiyata ta jawo don kawai ya biyo bayan tiyata. Sai likita ya haɗa su da alƙalaminsa.

To mu koma ga aikin kansa. ICD-10 ta Hukumar Lafiya ba ta da lambobin tiyata, cututtuka kawai take ɗauke da su. Wasu wuraren suna amfani da ICD-10-PCS na Amurka, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2015, wasu har yanzu littafi na uku na ICD-9-CM suke riƙe da shi. Ko wanne ne, jimlar da za ki shirya tambayoyi huɗu za ta amsa: me aka yi, a wace gaɓa, ta wace hanya aka shiga, kuma an bar wani abu a jiki ko a'a.

Kada ki dogara da kan rahoton. A naki an rubuta aikin kyamara a sama, domin shi aka shirya yi. Karanta cikinsa: an shiga da kyamara, aka ga hanji ya manne, ba a iya raba shi lafiya ba, aka fasa, aka tsaga ciki, aka cire afendis ɗin gaba ɗaya, aka wanke wurin, aka sa robar tsane ruwa, aka ɗinke. Jimlarki: "An cire afendis gaba ɗaya ta hanyar tsaga ciki, bayan an fara da kyamara aka sauya." Kalmar gaba ɗaya tana da nauyi, saboda PCS ya bambanta yanke wani ɓangare na gaɓa da cire ta duka, kuma harafi na uku cikin bakwai ɗin shi ke nuna haka. Bari in rubuto miki biyun ki gani da ido:

```
0DTJ4ZZ
0DTJ0ZZ
```

Ta sama ta kyamara ce, ta ƙasa ta tsaga ciki. Gurbi na biyar kaɗai ya bambanta, 4 da 0. Taki ita ce ta ƙasa. Ƙa'idar PCS kuma ta ce idan an sauya hanya, leƙawar da aka yi da kyamara ana ba ta lambarta daban a matsayin dubawa, shi ya sa sauyin dole ya fito a jimla. A tsohon littafin nan na ICD-9-CM kuwa, 47.01 ce ta kyamara, 47.09 ta sauran. Tsagawar da ɗinkin ba a ba su lamba daban, hanyar shiga da fita ce. Robar tsane ruwa da aka bari a wurin aiki ita ma a PCS cikin aikin take, amma ki ambace ta a jimla, mai sa lamba ya yanke hukunci. Ƙarin jinin ki ba shi layinsa da kwanan wata da yawan leda.

Idan kin gama, ki gwada kanki da wannan: ɗauki kowane magani da kowane aiki, ki tambaya wace jimla ce ta ba shi dalili. Allurar jijiya tana da mugunya, insulin yana da suga, ƙarin jini yana jiran amsar likita. Sannan ki juya, kowace jimla ki nuna shafinta. Wadda ba ta da shafi, goge ta.

Abu na ƙarshe, ban ga sakamakon naman ba a hotunanki. Ki bincika ko ya dawo kafin ki rufe fayil ɗin, domin wani lokaci akan tsinci ƙari a cikin afendis, kuma idan haka ta faru, likita zai sake rubuta abin da ya gano, jerin jimlolinki ya canza. Ki turo min abin da kika rubuta in duba, amma takardar tambayar nan ki kai ta yau, tun likitan yana tune da mutumin.