Wannan hoton bakin teku ne ko bakin tafki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A zauren WhatsApp na unguwarmu wani ya turo hoton da na haɗo maka, wai Tafkin Chadi ne ya cika a wajen Baga, ga ruwa iya ganin ido, ga igiya tana fasa kumfa. Ni dai na ce teku ne, aka ce in kawo hujja. Me zan duba a cikin hoton? — Sani, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kai ne da gaskiya, teku ne. Amma "ruwa iya ganin ido" ba zai raba muku gardama ba, domin mutumin da ke tsaye a bakin ruwa ba ya hango abin da ya wuce kilomita 5 ko kusa da haka, saboda lanƙwasar duniya. Ko a Tafkin Kainji, a inda ya fi faɗi, za ka iya tsayawa ka ga ruwa ya haɗe da sama. Hujjar tana cikin igiyar ruwan, don haka daga nan za mu fara.

Buɗe hoton a kwamfuta in da hali, ko ka ware shi da yatsu biyu a waya, ka dubi bayan mutumin da ke tsaye ruwa iya gwiwa. Akwai layuka uku na igiya, dogaye, a jere ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya miƙe daga wannan gefen hoton zuwa wancan, kuma tsakaninsu ruwan ya kwanta sumul. Ta gaban ta naɗe kamar tabarma kafin ta fashe, tsayinta ya kai ƙirjin mutumin. Yanzu dubi rigarsa: a zube take, iska ba ta kaɗa ta. Babbar igiya a ranar da babu iska, wannan aikin teku ne.

Dalili shi ne iska ce ke haifar da igiya, kuma girmanta ya danganta da ƙarfin iskar, da tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa, da nisan filin ruwan da ta bi. Igiyar da ke dukan gaɓar Legas guguwar can kudancin Tekun Atlantika ce ta tayar da ita, ta yi tafiyar dubban kilomita. A hanya ƙananan sun mutu, manyan sun daidaita sahu, shi ya sa suke isowa a natse, kowace bayan sakan 10 zuwa 15. Tafki ba shi da wannan filin. Igiyarsa ta iskar da ke kaɗawa a wurin ce a wannan lokacin: gajeru, a cukurkuɗe, suna bin juna bayan sakan 2 zuwa 5, kuma da iskar ta lafa ba a daɗewa ruwan ya kwanta. In ka sami bidiyon wurin, ƙirga sakan nawa ke tsakanin fashewar igiya da mai bi mata, sau biyar ko shida. Wannan ƙirgen ya fi duk wani abin da hoto zai ba ka.

Ga Tafkin Chadi kuwa akwai ƙarin matsala. Igiya tana fashewa ne idan zurfin ruwa ya ragu ya kusa daidai da tsayinta, wato mai tsayin mita ɗaya da rabi tana buƙatar ruwan da ya fi mita biyu zurfi a bayanta kafin ta iso da ranta. Tafkin Chadi ba shi da zurfi, 'yan mitoci ne kawai a yawancinsa, kuma tun bayan da ya ja da baya daga faɗin da yake da shi a shekarun 1960, ɓangaren Najeriya ya zama tsibirai da fadamu da ciyayin ruwa. Wanda ya ɗauki hoto a can, kwale-kwale da ciyawa da laka za ka gani, ba fili fetal na yashi ba.

Sai cikowa da janyewar ruwa. Wata da rana suna jan teku, ya ciko ya janye sau biyu a yini a gaɓarmu, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25. A Legas bambancin kusan mita ɗaya ne a tsaye, amma a gaɓa mai kwanciya wannan mita ɗayar takan buɗe fili mai faɗi. A hotonku, tsakanin ruwan da busasshen yashi akwai falalen jiƙaƙƙen yashi mai sheƙi, kuma a samansa akwai layin tarkace, ƙirare da robobi, ya bi gaɓar a miƙe. Nan ne ruwa ya tsaya a cikowar ƙarshe.

A nan mutane ke ruɗewa, don tafki ma yana barin alamar inda ruwa ya kai. Duk ɗan Zariya da ya je bakin dam ɗin Shika a watan Afrilu ya ga filin da ruwa ya bari. Sai dai wannan janyewar ta rani ce, watanni take ɗauka, shi ya sa lakar take bushewa ta tsattsage, ciyawa ta tsiro, har ka ga sawun shanu ya daskare a ciki. Filin da teku ke rufewa sau biyu kullum da ruwan gishiri ba ya samun sukunin bushewa, ciyawar tudu ba ta fita a kansa, sawun da aka taka da safe ma ba ya kai yamma.

Amma ka kiyaye, wannan alamar hanya ɗaya take aiki. In ka gan ta, ta ƙarfafa cewa teku ne; in ba ka gan ta ba, ba ta ce tafki ne ba. Ana iya ɗaukar hoton daidai lokacin da ruwa ya ciko ya rufe filin. Sannan Bahar Rum, a mafi yawan gaɓarsa, cikowarsa ba ta wuce 'yan santimita goma-goma. Shi ya sa hoton gaɓar Libiya ko Masar a ranar da ruwa ke kwance yake da wuyar rabewa da babban tafki.

Launin yashi shi ne mafi raunin shaida, ban cika ba shi muhimmanci ba. Launin yana gaya maka daga wane dutse yashin ya fito, ba ya gaya maka ko ruwan na gishiri ne. A Limbe ta Kamaru yashin baƙi ne saboda dutse mai aman wuta da ke kusa. A Zanzibar fari ne fat saboda murjani da ɓawon halittun ruwa. Tafkin Malawi kuma, wanda ruwansa na sha ne, yana da gaɓa mai yashi mai kyau da za ka rantse teku ne. Ga shi kuma kyamarar waya tana ƙara wa launi armashi da kanta. Na hotonku ruwan ƙasa ne mai ratsin ɗorawa, ya dace da gaɓar Yammacin Afirka, sai dai ba zai nuna maka Legas ce ko Kwatano ko Lome ba.

Don gano garin, sa hoton a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wani shafi da sunan wurin, ka fi kula da shafin da ya fi tsufa. Kada ka ɓata lokaci neman bayanan wurin da ke ɓoye a cikin fayil ɗin, WhatsApp yana goge su, yana kuma rage ingancin hoton idan an tura shi ta hanyar da aka saba. In wanda ya turo ya dage cewa shi ya ɗauka da hannunsa, ce masa ya sake turo maka ainihin hoton ta Document, ka buɗe bayanansa ka duba ranar ɗauka, da wurin in wayarsa ta adana.