Mutum ɗaya na nema, biyu suke fitowa a hoton

Tambaya: Malam, ina haɗa bidiyon tatsuniya don YouTube, hotunan kuma da SDXL, AI mai zana hoto daga rubutu, nake yi. Idan na saka 1920x1080, tsoho ɗaya nake nema a gindin bishiya, sai ya fito sau biyu. Na rubuta "two people" a negative prompt, gurbin rubuta abin da ba a so ya fito, bai hana ba. Ina matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalarka a girman hoton take, shi ya sa abin da ka hana bai yi tasiri ba. An horar da SDXL a kan hotuna masu ɗigo kusan miliyan 1, kamar 1024x1024. Naka 1920x1080 ya haura miliyan 2. Idan fili ya yi masa yawa haka, sai ya cike shi da maimaita abin da ka nema: tsoho biyu, bishiya biyu, wani lokaci wuya ya yi tsawo. Ka lura, na biyun yakan yi kama da na farko kamar tagwaye. Wannan ita ce alamar.

Ka saka 1344x768. Ya kusa 16:9 sosai, ɗigo 12 kawai za ka yanke a tsayi ya koma 1344x756, sannan ka ƙara girmansa da upscaler ka kai shi 1920x1080. Duk fitowar da ke cikin bidiyon ka yi ta a wannan ma'auni tun farko. Wanda ya yi hoto mai kusurwa huɗu daidai, 1024x1024, ya zo yankewa daga baya, 1024x576 ne zai rage masa, kuma sau da yawa hula ko ƙafafu ne suke tafiya. Idan kana son na Shorts ko TikTok, ka sake yin hoton a 768x1344, domin yanko 9:16 daga mai faɗi kusan kashi ɗaya cikin uku kaɗai yake bari.

Bayan girma ya daidaita ne negative prompt yake da amfani. Ni ba na cika shi da kalmomi arba'in da aka kwafo daga wani wuri, don suna jan hoton ta inda ba ka zata ba. Ka fara da shi babu komai, ka yi hotuna huɗu, ka duba abin da ke ta dawowa. A hoton ƙauyen tatsuniya, a ce rubutun banza ne da turakun lantarki suke fitowa, to su kaɗai za ka saka:

```
text, watermark, power lines
```

Sunan abin kawai ake rubutawa. Kada ka rubuta "no power lines" a babban prompt, domin ambaton abin yakan jawo shi cikin hoton. Ka kuma riƙe seed ɗaya, wato lambar da ake fara haɗa hoton daga gare ta, yayin gwaji, ta haka za ka gane ko kalmar da ka ƙara ce ta kawo canjin. Idan kuwa CFG ɗinka, wato ma'aunin ƙarfin bin prompt, yana kan 1, kamar yadda ake sa wa nau'in SDXL Turbo, ba a ma karanta negative prompt ɗin gaba ɗaya.