Takardar ƙarin kuɗin makaranta: gyaranta da tura ta ga iyaye ta waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce sakatariyar wata makaranta mai zaman kanta a Zariya. Mai makarantar ya ba ni wannan in buga, in tura guruf ɗin iyaye na WhatsApp: "Ana sanar da iyaye cewa saboda halin da ƙasa take ciki an yi wa kuɗin makaranta gyara. Duk wanda bai biya ba a makon farko za a mayar da ɗansa gida." Kuɗin firamare zai tashi daga ₦45,000 zuwa ₦54,000. Yaya zan gyara ta, kuma a wane irin fayil zan tura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko da uba zai nema idan saƙon ya shigo wayarsa shi ne adadi: nawa nake biya da, nawa zan biya yanzu, yaushe. Yana kasuwa ko yana cikin Keke, da babban yatsa ɗaya yake karantawa. Idan bai ga adadin ba, sai ya jefa tambaya a guruf, wani ya amsa masa da abin da ya ji a bakin ƙofar makaranta, kafin la'asar kuɗin ya zama dubu saba'in a bakin mutane. Don haka kafin ki taɓa lafazi, ki fara da lissafi.

Buɗe Excel, ko Google Sheets idan a waya kike. Ki sa tsohon kuɗi a B2, sabo a C2, sannan ki rubuta wannan a D2:

```
=(C2-B2)/B2
```

Zai ba ki 0.2. Ki danna alamar % ya koma 20%, wato kashi 20 cikin 100. Inda ake yawan zamewa shi ne a raba ƙarin da sabon kuɗi maimakon tsoho: 9,000 a kan 54,000 ya fito kusan kashi 17. Ya fi daɗin ji, amma ba daidai ba ne, kuma cikin iyayenku ba za a rasa ma'aikacin banki ko malamin lissafi da zai gano ba. Da zarar an kama takarda da kuskure guda wanda ya karkata wajen makaranta, sauran bayanin ma ba za a yarda da shi ba.

Daga nan ki je wurin mai makaranta ko ma'aji ki tambaye shi ina dubu taran nan za ta tafi. "Halin da ƙasa take ciki" ba bayani ba ne, domin iyayen ma cikin halin suke. Sun san an cire tallafin man fetur a 2023, sun san an mayar da mafi ƙarancin albashi ₦70,000 a 2024. Abin da ba su sani ba shi ne yadda hakan ya taɓa ajin ɗansu. Ga yadda zan rubuta ta. Rabon kuɗin da ranakun na misali ne, ki musanya su da na gaskiya:

> Zuwa ga iyaye da masu kula da ɗalibai,
>
> Assalamu alaikum. Muna yi muku fatan alheri, tare da godiya kan amanar 'ya'yanku da kuka ba mu.
>
> Daga zangon karatu na ɗaya mai zuwa, kuɗin makaranta na sashen firamare zai tashi daga ₦45,000 zuwa ₦54,000 a kowane zango. Ƙarin ₦9,000 ke nan, kashi 20 cikin 100.
>
> Ga inda ƙarin zai tafi: ₦5,500 albashin malamai, ₦2,000 wutar lantarki da man janareta, ₦1,500 takardun jarrabawa da kayan aji. Kuɗin kayan makaranta da na littattafai bai canja ba.
>
> Wanda ya so zai iya biya kashi biyu: ₦30,000 a makon farko, ₦24,000 kafin hutun tsakiyar zango.
>
> Mun san ƙarin zai yi wa wasu gidaje nauyi. Duk wanda yake son a duba masa wani tsari na biya, ya zo ofishin shugaban makaranta daga Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 9 zuwa 12 na rana. Maganar za ta tsaya tsakaninmu da shi.
>
> Asusun makaranta bai canja ba, kuma sunan makaranta ne a kansa. Kada a tura kuɗi asusun wani mutum.
>
> Mun gode. Allah ya yi wa yaranmu albarka.

Ki lura gaisuwar layi biyu ce kawai. Mu Hausawa ba ma shiga magana babu sallama, amma idan gaisuwa ta kai sakin layi uku a takardar kuɗi, mai karatu ya san ana lallaɓa shi ne, sai ya tsallake yana neman inda aka ɓoye bugun. Na kuma kira abin da sunansa, ƙari. Kuma na faɗi abin da bai canja ba, domin shi ne tambaya ta biyu da za ta zo.

Maganar mayar da yaro gida kuwa, na cire ta da gangan. Uban da ya shekara biyar yana biya a kan kari bai cancanci a buɗe masa magana da barazana ba, kuma takardar nan yara ma suna karanta ta. Idan mai makaranta ya dage cewa dokar tana nan, ɓoye ta ma rashin gaskiya ne. Sai a sa ta ƙasa da tsarin biyan, da rana da mataki: wanda bai biya kashin farko ba kuma bai zo ofis ba zuwa ƙarshen mako na uku, makaranta za ta kira shi a waya kafin a ɗauki kowane mataki. Ki gaya wa mai makarantar cewa wannan ya fi kawo kuɗi, domin wanda aka kunyata ɓuya yake yi, wanda aka buɗe wa ƙofa kuwa yakan zo da ko rabi ne.

Yanzu bugawa. Baƙaƙen nan masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ki sa su yadda suke. A waya abin da sauƙi: a Gboard ki shiga Settings, sai Languages, sai Add keyboard, ki zaɓi Hausa. A Word na kwamfuta mai Windows kuwa, ki rubuta lambar baƙin sannan ki danna Alt da X tare:

```
U+0199  ƙ
U+0257  ɗ
U+0253  ɓ
U+20A6  ₦
```

Kada ki manta da rubuta U+ ɗin nan. Idan kika rubuta lambar tsurarta a tsakiyar kalma, bayan baƙi kamar a ko b ko d, Word zai ɗauka baƙin ma cikin lambar yake, ya fito miki da wata alama daban ko ya ƙi yin komai. Kalma kamar "baƙi" ita ce ke jawo wannan. Alamar naira ma ki sa ta gaskiya, ki daina N da ake ja wa layi biyu da biro bayan an buga. Kuma ki tsaya kan rubutu irin Arial ko Times New Roman. Rubutun ado da yawa ba su da baƙaƙenmu, sai ki ga ƙ ta fita daban da 'yan uwanta, ko ta zama ɗan akwati.

Idan kuna da sassa da yawa, firamare da ƙaramar sakandare da babba, ki yi jadawali ta Insert, sai Table, mai ginshiƙi huɗu: sashe, tsohon kuɗi, sabon kuɗi, ƙari. Kada ki jera lambobi da dogon maɓallin tazara. A kwamfutarki za su zauna daidai, a wayar wani su watse, kuɗin sakandare ya faɗo ƙarƙashin firamare.

Fayil ɗin da za ki tura PDF ne: File, sai Save As, ki zaɓi PDF. Yana tafiya da siffar rubutunsa, saboda haka abin da kika gani shi uba zai gani. Fayil ɗin Word kuwa kowa zai iya buɗewa ya canja lambar asusu ya tura gaba da tambarin makarantarku a kai. PDF ma ana iya yi masa jabu, sai dai ya fi wuya, shi ya sa na sa layin nan na asusu a cikin takardar. A WhatsApp ki tura shi ta Document. Hoton takarda da aka ɗauka da kyamara, WhatsApp yana matse shi, kuma a ƙaramar waya 54 da 64 ba su da nisa. Ki yi ƙoƙari komai ya tsaya a shafi ɗaya, girman rubutu 12. Kafin ki saki, ki tura wa wani malami mai ƙaramar waya ya buɗe a gabanki, ki ce ya gaya miki sabon kuɗin. Idan sai da ya ja ƙasa yana nema, adadin ya yi nisa da sama.

Ba kowa ke buɗe fayil ba, wani data ce babu, wani wayar ce ta cika. Ki rubuta layi uku a ƙarƙashinsa: tsohon kuɗi, sabon kuɗi, ranar biya. Adadin ki sa shi tsakanin taurari biyu, kamar `*₦54,000*`, zai fito da kauri. Sannan shugaban makaranta ya karanta takardar da bakinsa a saƙon murya, kalma da kalma, ba tare da ƙari ba, saboda iyayen da boko bai zauna musu ba. A kuma ba kowane yaro bugaggiya ya kai gida.

Tsakanin guruf da New broadcast, kowanne da nasa. Na biyun yana kai saƙo ga kowa shi kaɗai, amsarsa ma ke kaɗai za ki gani, wanda ya dace da maganar kuɗi. Amma ba ya ɗaukar fiye da mutum 256 a jeri guda, kuma wanda bai adana lambar makaranta a wayarsa ba saƙon ba zai kai gare shi ba, ke kuma ba za a sanar da ke ba. Alamarsa ita ce saƙon mutumin ya tsaya da ƙugiya ɗaya kwana da kwanaki. Shawarata ki sa a guruf, domin kowa ya ga cewa kuɗi ɗaya aka faɗa wa kowa. Akwai masu rufe bakin guruf a Group permissions a irin wannan rana, ya zama masu kula da shi kaɗai ke iya magana. Ban cika son haka ba, sai dai idan an ba da lamba da lokacin da za a amsa tambaya, in ba haka ba iyaye za su buɗe nasu guruf ɗin babu ku.

Idan kuskure ya fita bayan kin tura, WhatsApp yana barin a gyara rubutaccen saƙo cikin minti 15, amma abin da ke cikin PDF ba ya gyaruwa daga can. Ki goge shi da Delete for everyone, ki tura sabo mai kwanan wata a sunansa, ki kuma rubuta a fili abin da aka canja, domin waɗanda suka riga suka tura tsohon ga 'yan uwansu, nasu yana nan.